Layin da na tsallake a rahoton Juma'a

Ƙarshen watan nan zan bar ofishinmu na Wuse 2, kuma wadda za ta karɓi aikina ta ce in rubuta mata yadda nake haɗa rahoton mako. Na ga gara in fara da Juma'ar da na sha kunya.

Mu bakwai ne a taron tsaye na safe. Minti 15 aka yanka masa, ana naɗar sa saboda masu shigowa daga Kubwa da Nyanya da cunkoso ke riƙewa. Aikina shi ne in saurari rikodin biyar, minti 75 ke nan, in fitar da shafi ɗaya: me aka gama, me ake kai, me ya tsaya. A lokacin kwana-kwana nake bi. In taƙaita Litinin, in rufe, in buɗe Talata.

Akwai yaron da ke rubuta ɓangaren biyan kuɗi na manhajar da muke haɗawa, tikitinsa, wato lambar aikin da aka ba shi, `PAY-214`. Ranar Litinin ya ce, "Ina jiran mabuɗin gwaji daga wajen kwastoma." Talata ya ce yana kai. Laraba ya ce saura kaɗan. Alhamis ma saura kaɗan. Kullum in aka tambaye shi ko akwai abin da ya tare shi, sai ya ce babu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na sa rikodin yana gudu ninki ɗaya da rabi, ina rubuta abin da kunne ya kama. A ƙarƙashin cikas na rubuta "babu", na tura bayan an sauko daga masallaci.

Talatar da ta biyo baya aka shirya nuna wa kwastoma aikin. Mabuɗin bai taɓa zuwa ba. Kwana takwas yaron yana gyara 'yan abubuwan gefe don kada a gan shi zaune, domin wanda ya kamata ya nemo mabuɗin Oga ne da kansa, shi kuma ba zai iya buɗe baki a gaban mutane ya ce Oga yake jira ba. Oga ya ɗaga rahotona a gaban kowa ya ce, "Wa ya rubuta babu cikas?" Na ce, "Ni ne, yallaɓai." Oga yana cikin taron Litinin ɗin, da kunnensa ya ji maganar mabuɗin. Har yau bai ambaci wannan ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Amma layin nawa ne, ni na tsallake shi.

Daren nan na sake sauraron rikodin biyar ɗin a jere, na ga abin da ke ɓoye. In ka ɗauki kowace rana ita kaɗai, babu laifi a cikinta. Sai ka jera su sannan za ka ga mutum yana taka wuri ɗaya.

Tun daga nan na daina bin kwanaki, na koma bin tikiti. Ina zana jadawali, kowane tikiti da layinsa, kwana biyar a jere, in rubuta ainihin kalmar da mai aikin ya faɗa tare da mintin da ya faɗe ta. Duk tikitin da aka faɗi magana iri ɗaya a kansa kwana uku, kuma a `Jira`, manhajar da muke bin tikiti da ita, bai motsa daga `In Progress` ba, na ɗauke shi cikas ko da mai shi ya ce babu. Kalmar "jira" kuwa, in ta fito ranar Litinin, ba na sakin ta sai na ji ranar da aka ce abin ya iso. Sai in sami mutumin shi kaɗai ranar Alhamis da yamma in ce, "Ɗan'uwa, me kake jira, kuma a hannun wa yake?" A nan gaskiya ke fitowa.

Cikas a rahoto sai da abu huɗu: abin da ya tsaya, abin da ake jira, wanda zai warware, da ranar da aka fara jiran. Da na yi haka a wancan makon, ga abin da Oga zai karanta: "Biyan kuɗi ya tsaya tun Litinin, kwana 5, ana jiran mabuɗin gwaji daga kwastoma, neman sa yana hannun shugaban aiki; in bai iso Litinin ba, nunin Talata ba zai yiwu ba."

Sauran ƙanana ne. "Na gama" na iya nufin yana aiki a kwamfutata, ko an haɗe shi da babban reshe, inda aikin kowa ke haɗuwa, ko ya hau `staging`, inda ake gwaji kafin a saki aiki. Ki tambaya wanne. Kada ki kashe rikodin da an ce a tashi, domin sau da yawa a minti biyun ƙarshe ake faɗin abin da ya dami mutane. Jadawalin yana cikin babban fayil ɗin ƙungiya, na bar miki shi da makonni shida na baya a cike don ki ga yadda ake yi.