Nisan da sayen mota da ɗaukar ɗan kwangila suke yin kunnen doki

Abin da aikin tsara jigilar kaya ya koya mini shi ne, kafin ma'aikata ta yanke shawarar sayen motar kanta ko ta ci gaba da biyan ɗan kwangilar sufuri, dole ne ta san yawan kilomitar da za a yi a shekara kafin kuɗin hanyoyin biyu su zo daidai. Mai mota yana da ɗawainiya iri biyu. Akwai wadda ba ta canzawa ko da motar ta shekara a ajiye, wato faɗuwar darajarta, inshora, takardu da albashin direba, sannan akwai wadda take ƙaruwa da kowace kilomita, kamar mai, tayoyi da gyara. Don a samu wannan nisa, ana raba ta farkon da bambancin da ke tsakanin kuɗin ɗan kwangila da kuɗin tafiyar motarka a kilomita guda.

A ce ɗawainiyar da ba ta canzawa 3,600,000 ce a shekara, motarka tana cin 60 a kowace kilomita, shi kuwa ɗan kwangila yana karɓar 150. Bambancin 90 ne, saboda haka nisan ya zama kilomita 40,000. Ƙasa da haka haya ta fi sauƙi, sama da haka saye ya fi.

Sai dai akwai inda wannan lissafi yake yaudarar mutane. Idan ɗan kwangilar tafiyar da aka yi da kaya kawai yake ƙirgawa, alhali motarka in ta sauke lodi sai ta dawo wayam, to kowace kilomita ta kai kaya tana cin 120 ne, tunda dawowar ma mai take sha, tayoyi kuma suna suɗewa. Bambancin ya koma 30, nisan kuma ya haura zuwa kilomita 120,000 da kaya, wato 240,000 idan an haɗa da dawowa. Ko motar ta yi aikin kwana 300 a shekara, sai ta riƙa cin kilomita 800 kullum, abin da ya fi ƙarfin direba ɗaya, kuma ɗaukar na biyu yana ƙara ɗawainiyar da ba ta canzawa, ya sake tura nisan gaba.

Amma idan a rabin tafiye-tafiyen motar tana samun kayan ma'aikatar da za ta ɗauko a dawowa, kuɗin kowace kilomita ta kai kaya zai sauka zuwa 80, nisan ya tsaya kusan kilomita 51,400 da kaya. Shi ya sa a ganina bai kamata a fara lissafin ba sai an gwada abin da mitar mota ta ƙirga da nisan da ke rubuce a takardun kai kaya, kuma an tambayi ɗan kwangila a fili ko yana cajin kuɗin dawowa daban.