Tsoron da na ji wa kofi ba a inda ya dace ba ne

Ƙannena masu shirin jarabawa, bari in ba ku labarin kuskurena, don har yau abin yana damuna. Ina ɗan shekara 16 a Jos kakata ta hana ni shan kofi, wai zai tsuke ni in ƙi tsawo, wani yayanmu kuma ya ce yana busar da ruwan jiki. Abubuwa biyun nan kawai nake tsoro, sai nake sha a ɓoye wajen mai shayin layinmu cikin sanyin Disamba, in bi shi da fiya wata biyu in ce ai na yi maganin abin.

Maganar tsawo dai babu hujja a kanta, tsawo gado ne da abinci da lafiya. Kafeyin ɗin da ke cikin kofi yana ɗan rage kalsiyam a jiki amma kaɗan ne sosai, cokali biyu na madara ya mayar da shi. Ta bushewa kuma an gwada a Jami'ar Birmingham, sakamakon ya fito a 2014: maza 50 da suka saba da kofi aka ba su shi sau huɗu a rana na kwana uku, wani karon aka ba su ruwa zalla daidai wannan yawan, ba a ga bambanci a ruwan jikinsu ba. E wanda bai saba ba idan ya sha da yawa zai yi ta zagawa fitsari, amma kofin ma ai ruwa ne.

Abin da ya cuce ni barci ne, kuma ba wanda ya faɗa min. Kafeyin yana ɗaukar kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Ni kuma daga isha'i zuwa sha biyun dare sai in sha haɗi uku, kusan miligiram 200 ke nan, wato lokacin da ake kiran asuba fiye da kashi ɗaya cikin ukunsa yana nan yana aiki, na kwanta ido a rufe amma zuciya na ta bugawa, da safe hannu na rawa in zauna gaban takarda abin da na haddace jiya ya ƙi zuwa. Wallahi na ɗauka ƙwaƙwalwata ce ba ta ja.

Hukumar kula da abinci ta Turai ta ba da ma'auni a 2015: babba kada ya wuce miligiram 400 a rana, yaro ko matashi kuma miligiram 3 kan kowane kilo na nauyinsa. In kana da kilo 50, naka 150 ne, haɗi biyu ka kusa cikewa, kuma goro da shayi da lemon ƙara kuzari duk cikin lissafin suke. In za ku sha, ku sha da safe ko da rana, daga la'asar ku ajiye shi.