Babin da ya jera malamai bai haɗa su gardama ba

A kundin mastar, wanda ɗalibanmu a nan Maraɗi ke kira memuwar, babin bitar ayyukan da suka gabata shi nake fara karantawa, tun kafin in duba sakamakon bincike. Aikin duba kundi ya koya mini cewa a wannan babin ake gane ko ɗalibi ya zauna da takardun da ya ambata, ko sunayensu kawai ya sani. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, wata tambaya ta ƙaru: shin ma ɗalibin ne ya rubuta, ko na'ura ce?

Babin da ya taƙaita kawai, kamarsa ɗaya ce ko a wane fanni. Kowane sakin layi yana buɗewa da sunan marubuci da shekara, ya faɗi abin da ya gano cikin layi huɗu ko biyar, ya rufe. Na gaba ya ɗauko wani suna. Abin da ke haɗa su bai wuce "haka kuma", "bugu da ƙari", "a nasa ɓangaren" ba. Gwajin farko da nake yi mai sauƙi ne: in ɗauki sakin layi na uku in mai da shi na bakwai, in kawo na tara farko. Idan babin ya karantu lafiya lau kamar ba a taɓa shi ba, to babu hujjar da ake ginawa a cikinsa. A rubutu mai hujja, sakin layi na huɗu yana jingine da na uku, in ka zare ɗaya sai sauran su rushe.

Maudu'in da ɗaliban aikin gona da muhalli suka fi kawo mini shi ne sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona, a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a sassabe sauran, a tsare su har su zama itace. A wannan jihar tamu aka fara yaɗa shi, tun 1983 da Tony Rinaudo ya fara aiki da manoma a kansa, kuma garin Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kai. Saboda haka rubuce-rubuce suna da yawa, ɗalibi ba ya rasa abin ambato.

Wata ɗaliba ta kawo mini babi a kan wannan, tsaf-tsaf, faransancinsa ba tuntuɓe. A wani shafi ta kawo rahoton Reij da Tappan da Smale na 2009, wanda ya ƙiyasta cewa manoman kudancin Nijar sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Shafi biyu gaba ta kawo binciken Haglund da abokan aikinsa na 2011, wanda aka yi a jihar Maraɗi, ya ce sassaben ya ƙara itatuwa tsakanin 900,000 da miliyan 1 a jihar, kuma kashi 26 cikin ɗari na gidaje ne ke yin sa ta hanyar da ta haɗa sassabe da tsaro. Duka biyun ta taƙaita su daidai, ba ƙarya ko ɗaya. Sai ta rufe da cewa duk waɗannan bincike sun nuna muhimmancin sassaben zamani.

A nan na ajiye alƙalami. Miliyan 200 da miliyan 1 ba ƙaramin bambanci ba ne, ninki ɗari biyu ne. Ko an ce rahoton farko ya haɗa da Damagaram, wannan kaɗai ba zai cike ratar ba, domin Maraɗi ba ƙaramin kaso take da shi a cikin labarin ba. Duk wanda ya karanta takardun biyu da idonsa, dole wannan ya tsaya masa a rai, ya tashi neman dalili. Kuma dalilin yana nan cikin takardun. Na farko ya kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan adam, ya haɗa da ziyarar gonaki, ya ƙiyasta itatuwan da ke tsaye a faɗin yanki bayan shekaru da dama. In ka raba miliyan 200 da miliyan 5, itace 40 ke nan a kowace hekta. Na biyu gida-gida aka bi da tambayoyi, aka kwatanta masu yin sassaben da waɗanda ba sa yi, aka lissafa ƙarin da ke tsakaninsu kaɗai. Gonar wanda aka rubuta a matsayin "ba ya yi" ita ma tana da sabara da kalgo da gawo, don haka ƙarin zai fito kaɗan. Ashe ba abu ɗaya suka ƙirga ba, kuma ma'anar da kowa ya ba mai sassabe ta bambanta.

Wannan bayanin shi ne aikin babin. Da ta rubuta shi, da ta ce: ni a garuruwan da zan yi bincike, ga wanda zan kira mai sassabe, ga dalilina, ga kuma adadin da zan iya kwatanta nawa da shi. Tambayar bincikenta da kanta daga wannan saɓanin ya kamata ta fito.

Akwai wani adadi a rahoton 2009 da kusan kowane kundi ke ɗauka: ƙarin hatsi tan 500,000 a shekara. Ɗalibai suna rubuta shi kamar an auna buhu-buhu. Alhali lissafi ne: an ɗauka cewa kowace hekta ta ƙara kilo 100, aka ninka da hekta miliyan 5. Marubutan ba su ɓoye haka ba. Ɗalibin da ya buɗe rahoton zai ce "an ƙiyasta bisa zaton kilo 100 a hekta". Wanda ya samo adadin daga bakin wani, ko daga na'ura, "an tabbatar" yake rubutawa. Ina lura da irin waɗannan ƙananan kalmomi fiye da yadda nake lura da kyan jimla.

Me ya sa ake danganta wannan salo da na'ura? Domin idan aka ce mata ta rubuta bita a kan wani maudu'i ba tare da an ba ta takardun ba, abin da ya fi yawo game da kowace takarda take kawowa, wato sakamakon da ke cikin taƙaitaccen bayanin farko. Yawan gidajen da aka tambaya, shekarar da aka shiga gona, ko daminar ta yi kyau ko ta yi gardama, irin ƙasar, jigawa ce ko fadama, waɗannan suna can tsakiyar takarda, kuma su ne ke haifar da saɓani. Shi ya sa babin ke fitowa kowane marubuci ya samu layi daidai da na ɗan'uwansa, babba da ƙarami, kowa ya yarda da kowa. A ƙarshe sai a liƙa jimlar nan ta "har yanzu akwai buƙatar ƙarin bincike a yankin", wadda za ta zauna daidai ko a kundin kiwon kaji.

Amma ina jan kunnen abokan aikina a kan abu guda: wannan alama ce, ba shaida ba. Tun kafin a san ChatGPT ɗalibai ke jera taƙaitawa. Wani ba a taɓa nuna masa wata hanya ba. Wani yana ganin rashin ladabi ne ya ce babban farfesa bai auna abin da ya dace ba, kuma mu da muka tashi cikin girmama malamai mun san nauyin wannan. Wani kuma takardar da yake buƙata da ingilishi take, ko a kulle sai an biya, taƙaitawar kawai ya samu. Ta ɗaya gefen, na'ura ta iya saka "amma" da "sai dai" in an nemi ta yi. Saboda haka ba ƙirga kalmomin saɓani nake yi ba, ina duba abin da ya biyo bayan "amma" ɗin: dalili ne mai suna, kamar hanyar ƙirga ko yawan gidaje, ko kuwa "ra'ayoyi sun bambanta" ne kawai?

Manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura ban dogara da su ba. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa a watan Yuli na 2023 saboda yawan kuskurenta. Ba zan ɗora wa yaro tuhumar da za ta bi shi har gaban juri a kan wani kaso da allo ya nuna ba.

Abu biyu nake yi maimakon haka. Na farko, in zaɓi madogara uku ko huɗu daga jerin ƙarshe in neme su a Google Scholar, in akwai lambar DOI in saka ta a doi.org. Na'ura takan haɗa sunan marubuci na gaske da taken da bai taɓa rubutawa ba, ko mujalla ta gaske da shafukan da babu su. Kuskuren shekara ɗaya kowa na yi, amma takardu biyu ko uku da babu su a duniya magana ce dabam, kuma ita ce kaɗai abin da nake ɗauka hujja mai ƙarfi. Na biyu, in zaunar da ɗalibin mu yi magana, da Hausa ma in ya fi sakewa.

Haka na yi da wannan ɗalibar. Madogaranta duk na gaske ne. Na buɗe mata shafukan biyu gefe da gefe na ce, "Ƴata, wannan ya ce miliyan 200, wannan ya ce miliyan 1. Wanne za ki kai gaban juri?" Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wallahi Malam, ban taɓa ajiye su wuri ɗaya ba." Na tambaye ta yadda aka ƙirga na biyun, ta ce gidaje aka tambaya, har ta tuna cewa an ambaci irin ƙasa da kusancin kasuwa cikin abubuwan da ke sa mutum ya rungumi sassaben. Game da na farko ba ta iya cewa komai ba, ta ce a kundin wani ta ga adadin. Ban tambaye ta ko ta yi amfani da na'ura ba, domin amsar ba za ta sauya aikin da ke gabanmu ba.

Na sa ta zana jadawali a takarda, kowane bincike da layinsa: a ina aka yi, wace shekara, me aka ƙirga, ta wace hanya, wa aka kira mai sassabe. Inda ba ta iya cikewa ba, takardar ce ba ta karanta ba, sai ta nemo ta ko ta cire ta daga babin. Sannan na ce ta sake rubutun, amma kada sakin layi ko ɗaya ya fara da sunan marubuci, ya fara da maganar da ita take so ta kafa, sunaye su biyo baya a matsayin shaidu. Babin da ta dawo da shi ya fi na farko gajarta, madogaransa sun ragu, faransancin ma ya ɗan yi kaushi. Sakin layinsa na farko ya buɗe da cewa adadin itatuwan da ake dangantawa da sassaben zamani ya dogara da wanda aka kira mai sassabe, kuma a garuruwan da za ta yi aiki za ta rarrabe mai tsaro kawai da mai tsaro da sassabe, ta ƙirga itatuwan kowanne dabam.