Inda nake sa talla a tsakiyar bidiyon ɗinki

Ni tela ne a Aboabo, cikin Kumasi, kuma ina da tasha a YouTube inda nake koyar da yanka da ɗinki da Hausa. Masu kallona 'yan Zango ne na nan gida da na Nima da Tamale, sai kuma 'yan uwa daga Najeriya da Nijar. Tun watan Yulin 2020 YouTube ya ba da damar sa talla a tsakiyar duk bidiyon da ya kai minti 8, a da sai ya kai minti 10. Darasin ɗinki kuwa ba ya ƙarewa a minti 8, don haka kusan kowane bidiyona yana da wannan damar. Abin da ya rage shi ne a ina za a sa tallar, kuma a nan ne na ga yadda daƙiƙa kaɗan ke raba mai kallon da zai jira da wanda zai tafi.

Zan ɗauki bidiyo ɗaya in bi shi daki-daki. Tsawonsa minti 14, a kan yadda ake fitar da wuyan kaftani da ɗinke gabansa. Idan ka buɗe YouTube Studio, ka zaɓi bidiyon, ka shiga Analytics sannan Engagement, za ka tarar da wani zane mai suna Key moments for audience retention. Layi ne da ya taso daga hagu yana gangarowa dama, yana nuna kashi nawa cikin ɗari na masu kallo ke nan a kowane lokaci. Inda ya yi tudu suna kiransa Spikes, inda ya lotsa kuma Dips. Ba ya fitowa nan take, yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu bayan an ɗora bidiyo.

A wannan bidiyon layin ya lotsa a wuri biyu bayan faɗuwar farko ta gabatarwa, wadda kowa ya saba da ita. Da ido za ka ce iri ɗaya ne, amma ba haka ba ne.

Na farko yana tsakanin 3:10 da 4:00. Layin ya sauka daga wajen kashi 55 zuwa 46, sannan ya sake hawa zuwa 53. Da na kalli wurin sai na ga guga nake yi, ina manna abin ƙarfafa wuya a jikin yadi, ba na cewa komai, sai ƙarar janareton maƙwabci. Mutanen nan ba tafiya suka yi ba. Tsallakewa suka yi, suka ja bidiyon gaba suka sauka inda aiki ya ci gaba, shi ya sa layin ya dawo. Wannan rami ne.

Na biyu yana daidai 7:05. Layin ya faɗo daga kashi 50 zuwa 41, bai ƙara komawa inda yake ba har ƙarshe. Wannan matakala ce, kuma duk wanda ya sauka a nan ya rufe bidiyon. A wurin na gama yanka, na ajiye almakashi a kan tebur, na ɗaga yadin sama na ce, "To, shi ke nan, wuya ya fita." Nan kuma tallar take, don yaron da ke taya ni ɗora bidiyo ya ga na yi shiru na numfasa, ya ce ba inda ya fi nan dacewa. Ta fuskar kunne yana da gaskiya, ba a katse mini magana ba. Sai dai wanda ya shigo don ya ga yadda ake fitar da wuya ya riga ya samu abin da ya kawo shi, na kuma faɗa masa da bakina cewa an gama, sai ga talla ta fito. Kamar mai sayayya ne a kasuwar Kejetia: wanda aka miƙa wa kayansa da canjinsa, in ka ce ya ɗan jira, wucewa zai yi, amma wanda ake cikin auna masa yadi zai tsaya ko da an kira mai shago waje. Ga kuma maganar data. Yawancin masu kallona a waya suke kallo da ɗan abin da suka saya na yini, kuma lokacin talla ne mutum ke tuna cewa datarsa na ƙonewa.

Wasu na cewa a sa talla inda layi ya lotsa, wai tunda dama mutane na watsewa a nan, ba a yi asarar komai ba. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. A matakala akwai waɗanda suka riga suka yanke shawarar tafiya, akwai kuma masu wasi-wasi, yatsa na kan waya amma ba su danna ba. Waɗannan na biyun ne talla ke turawa waje, alhali da an ba su daƙiƙa goma sun ga an fara ɗinke gaban riga, da sun zauna. Rami ma ba wurin talla ba ne. Na sha gani a wayata: in na ja bidiyo na tsallake gurbin talla, tallar kan tare ni a inda na sauka. Ka ga mutumin da ya gaji da guga har ya tsallake, sai ya faɗa kan talla, gajiya biyu ke nan a jere. Maganin rami shi ne yanka. Na shiga Editor na cire mafi yawan gugar, bidiyon bai rasa adireshinsa ko yawan kallonsa ba. Amma duk wanda ya yi haka ya koma ya duba guraben tallarsa, domin lokutan da ke bayan yankan duk sun matso kusa da farkon bidiyon. Don kada lissafi ya rikice mini, sai da na gama gwajin tallar sannan na taɓa gugar.

To ina na mayar da ita? Tudun da ya fi kowane tsawo a bidiyon yana wajen 6:20, inda nake lissafin faɗin wuya da zurfinsa da alli. Mutane na komawa baya suna maimaita wurin, shi ya sa ya yi tudu. Kan tudun kansa ba a sa talla, don mutum na riƙe da tef da alli yana bin lissafi, in ka katse shi ka ɓata masa aiki da rai. Amma kafin tudun akwai shimfiɗaɗɗen wuri inda layin ke tafiya kusan a miƙe. A 5:50 na gama zana kafaɗa, na ɗago na ce, "Yanzu sai lissafin wuya, nan ne galibi ake ɓata yadin mutane." Na yi shiru kaɗan ina gyara tef. A cikin wannan shirun na sa gurbin. Aiki ɗaya ya rufe, an ambaci na gaba, kuma shi ne ainihin abin da mutum ya zo nema, bai kuwa samu ba tukuna.

Yaron bai gamsu ba da farko. Ya ce, "Masta, ai kamar mun riƙe musu abu ne sai sun biya."

Na ce masa, "Kai dai duba ka gani. Tallar nan ko yaya sai sun gamu da ita. Gara su gamu da ita suna da dalilin jira."

Gane ko canjin ya yi aiki yana buƙatar natsuwa, don zanen na da iyakarsa. Na ɗauki hoton layin kafin in canja komai, na rubuta ranar. Bayan kallo ya taru sai na zaɓi kwanakin da suka biyo bayan canjin kaɗai, domin in ka bar shi a kan tun ranar ɗorawa, tsofaffin alƙaluma za su haɗiye sababbin. Abin da na gani: a 5:50 an samu 'yar matakala ta kashi ɗaya zuwa biyu, ta 7:05 kuwa ta ragu daga kashi tara zuwa wajen biyar. Ba ta ɓace ba, kuma ban sa ran ta ɓace ba, don akwai telan da wuya kawai ya zo gani, ya gani, ya koma kan kekensa. Wannan tafiyar halal ce. Abin da ya dawo mini shi ne masu wasi-wasin.

Abu uku ke iya ruɗin mutum a nan. Gurbi ba alkawarin talla ba ne: YouTube ne ke yanke ko zai nuna wa wannan mai kallon talla a gurbin ko a'a, masu biyan Premium kuma ba sa ganinta sam, don haka ɓarnar gurbi mara kyau takan fito a zane ƙasa da yadda take ga waɗanda tallar ta same su. Sannan layin ba daƙiƙa-daƙiƙa yake auna ba, yana raba bidiyo ne gida ɗari, wato a bidiyon minti 14 kowane gida ya ɗan haura daƙiƙa 8. Shi ya sa in na ga lotsawa nakan koma baya da daƙiƙa goma sha biyar in kalla, don sau da yawa abin da ya kori mutane yana kafin inda layin ya nuna. Na ukun shi ne wanda ya fi cin mutane: su waye suka kalla a wannan makon? In aka tura bidiyo a zaurukan WhatsApp, baƙi za su cika shi, su kuwa da wuri suke fita ko da talla ko babu. Haka in azumi ya yi nisa, teloli na neman abu ɗaya da gaggawa saboda ɗinkin Sallah. Don haka nakan raba zanen tsakanin sababbin masu kallo da masu dawowa, in kwatanta kowane da irinsa. Bidiyon da kallonsa bai wuce ɗari uku ba kuwa, kashi ɗaya mutum uku ne kacal, ba na gina hukunci a kansa.

Daga 12 ga Mayun 2025 YouTube ya ƙara karkata ga nuna talla a wuraren da magana ko hoto suka tsaya da kansu, ya rage nunawa a guraben da ke katse jimla ko aiki, kuma Studio kan yi wa irin wannan gurbin jan alama. Ina amfani da alamar, tana hana ni sa gurbi a tsakiyar kalma. Amma tambayar da take amsawa ita ce ko an katse magana. Ko mai kallo yana da sauran dalilin zama, wannan sai layin da kunnenka su gaya maka, don 5:50 da 7:05 duk shiru ne.

Wannan ya canja yadda nake ɗaukar bidiyo tun daga tebur. Yanzu ba na cewa "shi ke nan" a tsakiyar darasi. In wuya ya fita sai in ce, "Wuya ya fita, amma in ba ka iya juya kusurwar gaban nan ba, zai tattare," sannan in yi shiru na daƙiƙa biyu da gangan, hannuna a kan yadi, don in samu tsaftataccen wurin sa gurbi. A wancan bidiyon na kaftani gurbi na biyu yana 10:40, bayan na jera gaban rigar a ƙarƙashin allura, kafin juya kusurwar da ta yi ƙaramin tudu a 11:30. Bayan minti 12 ban sa komai ba. Waɗanda suka kai nan su ne masu danna bidiyo na gaba, na haɗa hannun riga, kuma can akwai talla tana jiransu tun daga farko.