Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Wasiƙar da Na Rubuta wa Baba

A makon da ya gabata na tsaya ne a inda takardar shiga makarantar koyon aikin jinya ta zo hannuna, a daidai lokacin da Baba ya fara gaya wa masu kawo mana aiki cewa ni zan gaje shi a shagon kafinta. Ni ne babban ɗansa namiji, tun ban kai tsawon teburin aiki ba nake share garin katako a wajen, don haka babu wanda ya ga abin tambaya a maganar. Shi kansa Baba bai taɓa tambayata ba. A wajensa zance ne da ya riga ya ƙare.

Ni kuwa ba na iya ja da Baba ido da ido. Idan ya yi shiru ya dube ni, duk abin da na tsara faɗa sai ya gudu, in ce "to, Baba", in tashi. Shi ya sa na zaɓi rubutu. Wasiƙa za ta ba shi damar karantawa shi kaɗai, ransa ya ɓaci ba a gaban kowa ba, ya ajiye ta, ya sake ɗauka idan zuciya ta sauka.

Kafin in ɗora biro a takarda na daɗe ina juya maganar nan tasa ta "ka karɓi shago". Sai na gane abubuwa uku ne ya ƙulle a cikinta: aikin hannu, da tafiyar da shagon, da mallakarsa. Shekara da shekaru mutum ɗaya ke riƙe da dukkansu, shi ya sa yake ganinsu abu guda. Idan na ce masa a'a kawai na yi shiru, abin da kunnensa zai ji shi ne shagon zai mutu, yaran da ke cin abinci a ƙarƙashinsa su watse. Saboda haka na ƙudurta cewa ba zan kai masa ƙi ba tare da mafita ba. Ga abin da na rubuta, kamar yadda yake a kwafin da na ajiye.

"Zuwa ga mahaifina, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

"Bayan gaisuwa da neman albarkarka, Baba, ina roƙonka ka karanta wannan takarda har ƙarshenta kafin ka yanke hukunci a kaina. Ba zan iya karɓar ragamar shago ba. Na samu gurbin karatun aikin jinya, kuma shi nake neman izininka in tafi in yi. Na fara da wannan ne don kada in yi ta kewaye-kewaye da kai, ka fi ƙarfin haka a wajena.

"Ba raina sana'ar na yi ba. Da ita ka ciyar da mu, ka tufatar da mu, ka biya kuɗin makarantar da ta kai ni ga wannan takarda. Amma ka tuna aikin ƙofofi 12 ɗin nan da aka kawo mana bara. Ni na je na zaɓo katakon, a idona babu aibu ko ɗaya a jikinsa. Da ka zo, ka ɗaga guda ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ka ce a mayar, ɗanye ne. Ka yi mini bayani cewa katako a faɗinsa yake tsukewa idan yana bushewa, tsawonsa kusan ba ya motsi, don haka ƙofa mai faɗin inci 32 da aka haɗa da katakon da bai gama bushewa ba tana iya rasa rabin inci ko fiye, haɗin ya buɗe, ta karkace ta ƙi rufuwa, mai aiki ya dawo yana faɗa bayan ’yan watanni. Ka ce katako mai kaurin inci ɗaya, in iska ce kaɗai za ta busar da shi, yana neman wajen shekara guda a jere a inuwa, da ’yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Na haddace duk wannan, Baba, zan iya rubuta shi a jarrabawa. Amma abin da ba ka sani ba, tun kafin ka iso babban yaronka na shago ya riga ya ware katakon nan gefe guda, ya ce mini in jira ka zo. Hannunsa ya gaya masa abin da nawa bai gaya mini ba, duk da tare muka taso a wajen.

"Akwai kuma ranar da zarton inji ya yanki ƙaramin yaron nan a tafin hannu. Kowa ya rikice, wani yana neman abin da zai barbaɗa a kan ciwon. Ni ban ji tsoro ba. Na naɗe tsumma mai tsabta na danne wajen da ƙarfi, na ɗaga hannun sama, da jini ya jiƙa tsumman ban cire shi ba, na ɗora wani a kai na ci gaba da dannewa har muka isa asibiti. Na tsaya ina kallon ma'aikaciyar jinya tana wanke ciwon, tana sa shi ya motsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya don ta gane ko jijiya ta tsinke, tana tambayar yaushe rabonsa da allurar rigakafin sandarewar jiki. Yadda kake duban katako ka ga abin da ke cikinsa, haka na ji ina son in iya duban mutum mai ciwo. Tun daga ranar zuciyata ba ta bar wajen ba."

A nan na dakata da rubutun na ɗan lokaci, domin sashen da ke biye ya fi nauyi. Faɗin abin da ke ranka abu ne mai sauƙi a kan gaya wa mahaifinka yadda zai yi da dukiyar da ya tara da guminsa. Na yi ƙoƙarin kowace magana ta fito a matsayin shawara, hukunci yana hannunsa.

"Baba, abin da ke ba ni tsoro game da shagon nan ba rashina ba ne. Duk lissafinsa a kanka yake. Idan aka kawo aiki ka dube shi ka faɗi kuɗi, babu wanda ya san yadda ka kai ga adadin. Masu sayar mana da katako kai suke ba bashi, don fuskarka suka sani. Masu riƙe da kuɗinmu, wasu suna cikin littafi, wasu a zuciyarka kawai suke. Ko ni na karɓa, ko wani, ranar da ka kwanta ciwo na wata guda, Allah ya kiyaye, aiki zai tsaya.

"Ga abin da nake ganin zai yiwu, in ka amince. Akwai wata shida kafin a fara karatu. A cikinsu zan zauna kusa da kai da littafi, duk aikin da ka yi wa kuɗi in rubuta yadda ka lissafa: katako nawa zai ci, da kashi ɗaya cikin goma da kake ƙarawa saboda wanda zai lalace wajen yanka, da ƙusa da gam da fenti, da kwanakin da yara za su yi a kansa, da rabon haya da wuta da gyaran inji, sannan riba. Zan rubuta ƙa'idarka cewa ba a taɓa aiki sai kafin alƙalami ya isa sayen katakonsa, don kada a yi wa wani aiki da kuɗin wani. Zan kuma bi basussukan nan ɗaya bayan ɗaya, wanda muke bi da wanda ake binmu, in haɗa su wuri guda. Ƙanwata ta fi ni iya lissafi, kuma ta ce za ta riƙe littafin bayan na tafi.

"Tafiyar da aiki kuwa, ina ba da shawarar babban yaronka. A shekarar farko shi zai riƙa yi wa aiki kuɗi, kai kana dubawa kafin a gaya wa mai aiki. Ka riƙa tafiya da shi wajen masu katako, su san shi a gabanka, domin amana ba ta komawa kan wani da saƙo. A shekara ta biyu ka bar shi ya yanke, kai ka duba littafi ƙarshen kowane wata. A yanka masa albashi tsayayye, a kuma ba shi wani kaso na riba, a rubuta a gaban shaidu, saboda wanda ya san yana da rabo ba ya tunanin buɗe nasa ya kwashe masu kawo aiki. A raba kuɗin shago da na cefanen gida, kai ma a yanka maka abin da za ka riƙa ɗauka duk wata. Shago yana nan naka, da injina da suna, kuma haƙƙin ’yan'uwana a cikinsa babu abin da ya taɓa shi. Ni ba na neman a cire ko kaɗan daga uwar kuɗi saboda karatuna, zan nemi hanyarsa.

"Na faɗa yanzu ne, kana da ƙarfinka, domin miƙa sana'a irin wannan yana cin shekaru, kuma kai kaɗai za ka iya koyar da ita. Da zan ce maka to don in faranta maka, in zauna zuciyata tana wani waje, da na cuce ka, na cuci yaran nan. Idan na ɓata maka rai ka yafe mini. Ba zan taka ƙofar makarantar nan ba sai ka sa mini albarka.

"Ɗanka mai biyayya."

Ban ba kowa ya kai masa ba, domin ban so ya ji kamar ɓuya nake yi a bayan takarda. Da dare, bayan yara sun tashi, na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu, na ce, "Baba, saƙo ne daga gare ni, in ka samu sarari ka duba." Ya juya ambulan ɗin, ya dube ni, ya sa a aljihun gaba bai ce komai ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. Yana amsa gaisuwata, yana sa ni aiki, amma daga "miƙo mini guduma" sai "riƙe nan". Mama ta gaya mini ta gan shi yana karanta takardar ba sau ɗaya ba, da tabaransa a hanci, kuma ta ce in yi haƙuri kada in tsokano zancen.

Ranar da ya yi magana, wani ne ya kawo aikin kabad. Baba ya auna, ya yi shiru yana lissafi a ka kamar kullum, sai ya waiwayo ya ce, "Kai, ina littafin naka? Ɗauko ka rubuta." Ya kuma kira babban yaronsa ya ce ya fara faɗin nasa kuɗin tukuna. Da mai aikin ya tafi, ya dube ni ya ce, "Kada ka ɗauka na yarda da zancen makarantar nan. Lissafin dai gaskiya ka faɗa. Sauran maganar na aika wa kawunka, zai zo mu zauna."

Kawu kuwa shi ne mutumin da ya ranta wa Baba kuɗin injinsa na farko, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa a kan namiji ya yi aikin jinya ba. Yadda zaman ya kasance, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.