Idan tushen kuran ya raba zagaye biyu

Ɗaliban lantarki a makarantun fasaha na Garwa da Marwa sukan tafi lafiya da hanyar kuran ɗin zagaye, har ranar da tushen kuran ya zauna a reshen tsakiya. Nan aiki ke cijewa. Dokar Kirchhoff ta zagaye tana son a san bolt ɗin kowane abu da aka ratsa, shi kuwa tushen kuran amfiya kawai ya yi alkawari. Bolt ɗinsa sauran da'irar ce ke yanke masa. Wanda ya ɗauke shi sifili ya mayar da tushen waya ke nan.

Ga misali. Batir mai bolt 12 a hagu, kansa mai + yana sama, sai rezista mai om 2 a layin sama. A tsakiya tushen amfiya 6 ne, kusan yadda faifan sola ke yi da tsakar rana, kibiyarsa ta dubi sama. A dama rezista mai om 4. Mu sa I1, kuran ɗin zagayen hagu, da I2, na dama, su bi hannun agogo.

Maganin shi ne a rufe reshen tsakiya da yatsa, a kewaya ta waje, zagaye biyun sun zama babba ɗaya. Amma kowace rezista tana nan da kuran ɗin zagayenta. Sai a ɗaga yatsa a dubi reshen: I2 hawa yake yi, tare da kibiya, I1 kuwa sauka.

```
2·I1 + 4·I2 = 12
I2 − I1 = 6
```

Sa I2 = I1 + 6 a layin farko, za ka sami I1 = −2 A, I2 = 4 A. Kada alamar ragin ta tsorata ka, cewa take yi batirin caji yake sha, amfiya 2.

Inda aka fi faɗuwa shi ne layi na biyu. Juya shi zuwa I1 − I2 = 6, lissafi zai fita sumul, I1 = 6, I2 = 0, ba abin da zai yi ƙorafi, alhali wata da'ira ce daban ka warware. Shi ya sa nake ganin zana kibiyoyin I1 da I2 kusa da tushen ya fi haddar kowace ƙa'ida.

Yanzu bolt ɗin tushen ya fito. Ta dama, 4 sau 4 ya ba da 16. Ta hagu, 12 da 4 na rezistar om 2, 16 ne dai. Tushen na ba da wat 96: batir ya sha 24, ƙaramar rezista 8, babbar 64.

Da za a jera rezista mai om 1 da tushen a reshen tsakiya, I1 da I2 ba za su motsa ba, don ba ta shiga babban zagayen. Tushen ne zai ɗauki nauyin, bolt ɗinsa ya tashi daga 16 zuwa 22.