Saƙon neman rasit ɗin da ya ja min takardar gargaɗi

Ranar Juma'ar nan zan miƙa makullin durowata in bar teburin akawun bayan shekara uku, kuma tunda na fara tattara kayana abu ɗaya ke ta dawo min a rai, wato saƙon nan da muke tura wa kwastoma idan kuɗi ya shigo ba mu san na waye ba. Waɗanda muka zauna a ofis ɗin nan tare sun haddace shi, layi biyu ne kacal: "Ba mu ga kuɗinka ba. Ka turo shaidar biya nan take, in ba haka ba za a dakatar da asusunka." Oga ne ya rubuta shi tun kafin in zo, ni kuma na tarar ana kwafa ana turawa, na bi sahu, ban taɓa tsayawa na karanta shi da idon wanda zai karɓa ba sai da ya ƙona ni.

Kun san matsalar wajenmu, kusan kowa kuɗin wata iri ɗaya yake biya, to in ka buɗe sitatimen ɗin banki ranar Litinin sai ka ga layi ashirin adadinsu ɗaya, abin da zai raba su kawai sunan mai turowa ne da abin da ya rubuta a wajen bayani, kuma rabin mutane ba sa rubuta komai a wajen. Wata Litinin ɗin akwai layi ɗaya da ya rage min, sunan ya fito a yanke, sunan farko da harafi ɗaya kawai, wajen bayani wayam. A lokacin mutum biyu ne asusunsu ke nuna ba su biya ba kuma duk an tura musu saƙon nan, wani bawan Allah mai lamba 0417 da wata Hajiya mai lamba 0471. Mutumin ya riga ta amsawa, ya turo sikirinshot wanda babu komai a ciki sai alamar kore da kalmar `Successful` da adadin kuɗin, sama da ƙasa duk ya yanke, sunansa na farko kuma daidai da na cikin sitatimen. Na ce toh ai magana ta ƙare, na zuba kuɗin a 0417 na rufe shafin na wuce na gaba.

Ashe kuɗin na Hajiya ne. Ɗanta ne ya biya mata daga nasa asusun, shi ma sunansa ke nan. Shi kuma mai 0417 ba ha'inci ya yi ba, ya tura ɗin da gaske, wayarsa ta nuna ya tafi, daga baya bankinsa ya mayar masa da kuɗin bai lura ba. Hajiya abin da ta fahimta da "shaidar biya" shi ne ta kira ta ce an biya, ta kira har sau biyu ana ce mata ta turo shaida, ba wanda ya faɗa mata wace iri. Kwana tara asusunta na dakace. Ranar da ta zo da kanta ta tsaya a gaban teburina, ba ta ɗaga murya ba, ta dai ajiye wayarta a buɗe a kan saƙon ta ce, "'Yata, ni kika rubuta wa wannan? Shekara nawa ina biya ban taɓa tsallake wata ba." Na miƙe na ce, "Hajiya ki yi haƙuri, don Allah ki zauna," amma wallahi na kasa haɗa ido da ita. Ɗan nata ya buɗo cikakken rasit a wayarsa, ga lambar refarans a ƙasa, na ɗora ta a kan ta sitatimen, lambobi shida na ƙarshe suka faɗa daidai. Aikin da bai kai minti biyu ba, da tun ranar farko mun nemi abin da ya kamata.

Laifina ban musa ba, na karɓi hoton da bai isa shaida ba, na dogara da suna. Abin da har yau bai bar ni ba shi ne yadda oga ya tsaya a gaban kowa ya ce, "Ke ba ki iya duba rasit ba ne?" ya ba ni takardar gargaɗi, amma da na ce, "Yallaɓai, saƙon namu ma bai faɗa wa mutane me za su turo ba," sai ya ce kada in kawo masa kame-kame, saƙon nan shekara da shekaru yana aiki. Yana aiki a wajen wa? Shi ba ya ganin abin da ke dawowa. Mu ke ganin hoton alat ɗin cire kuɗi, da hoton takardar banki da aka ɗauka a duhu, da mai turo rasit ɗin watan da ya wuce, kowanne sai an sake rubuta masa sau biyu sau uku kafin a samu abin da za a iya aiki da shi, kuɗin kuma na zaune a asusun wucin gadi ba mai shi.

Daren ranar na zauna na sake rubuta saƙon, kuma jimlar farko ce ta fi cin lokacina. "Ba mu ga kuɗinka ba" sau da yawa ma ba gaskiya ba ce, kuɗin yana wajenmu, mu ne ba mu gane na waye ba, amma mai karantawa abin da yake ji shi ne ana ce masa maƙaryaci, wanda aka ce wa haka kuma ba ya zama ya nemo rasit a natse, kira yake yi ya yi faɗa ko ya turo duk abin da hannunsa ya fara kaiwa. Ga abin da na ƙare da shi:

"Barka da yini. Muna son mu sanya kuɗin da kuka biya a asusunku mai lamba 0471, amma wasu kuɗaɗen sun shigo mana ba tare da lambar mai su ba. Don mu gane naku, ku taimaka ku turo cikakken rasit na taransifa, daga sama har ƙasa ba tare da an yanke ba, yadda za a ga ranar da lokacin biya, adadin, sunan wanda kuɗin ya fita daga asusunsa, da lambar refarans. Idan wani ne ya biya muku, ku faɗa mana sunansa da bankinsa. Ku amsa a nan ƙarƙashin wannan saƙon. In ya iso kafin ƙarfe 2 na ranar aiki za mu duba mu ba ku amsa a ranar. Kada ku turo lambar sirri ko lambar kati, ba ma buƙatarsu, kuma kuna iya rufe ragowar kuɗin asusunku in ya fito a hoton."

Kowane abu a ciki akwai ciwon da ya haife shi. Na sa lambar asusun a jimlar farko saboda mutum ya san maganar wane asusu ake, musamman masu asusu biyu, kuma in ya amsa lambar na tafe da amsar, ba sai na koma nema ba. Na ce "daga sama har ƙasa" don refarans ɗin kusan kullum a ƙasan rasit take, ita kuma mutane suka fi yankewa tunda a ganinsu tarkacen lambobi ne marasa amfani, alhali ita kaɗai ce ba ta maimaita kanta, suna yana maimaituwa, adadi yana maimaituwa. Amma ita ma ba kullum take ceto ba, akwai bankin da lambar da ke rasit ɗin mai turowa daban take da wadda ke fitowa a sitatimen ɗinmu, ko ta fito a guntule, shi ya sa na haɗa da lokaci da sunan banki, in refarans ta ƙi sai in haɗa waɗannan biyun in gani. Ranar ma sai an yi hattara, wanda ya tura daren Juma'a wani lokacin da kwanan Litinin zai fito a wajenmu, in ka tsaya neman ranar da ke rasit ɗinsa kawai sai ka rantse bai biya ba.

Layin "idan wani ne ya biya muku" kuwa na Hajiya ne, da yana nan tun farko da ba ta taka ƙafarta ta zo ba. Na zaɓi "ku" maimakon "ka" ko "ki" don ban san wa ke riƙe da wayar ba, kuma ya fi ladabi. Ƙarfe 2 ɗin ba ado ba ne, lokacin da na san zan iya cikawa ne kafin in sauke sitatimen na yamma, kuma ku lura "za mu duba mu ba ku amsa" na ce, ban ce za mu sanya kuɗin ba, saboda rasit komai kyansa yana nuna min inda zan duba ne kawai, sai na ga layin a sitatimen ɗinmu da idona nake zubawa, rasit ana iya gyara shi, kuma ko na gaskiya ne kuɗin na iya komawa kamar na mai 0417. Barazanar dakatarwa na cire ta gaba ɗaya daga saƙon farko, in ta zama dole sai a na biyu, bayan an duba an tabbatar babu kuɗin, da ranar da za a dakatar a rubuce.

Na kai wa oga washegari, ya duba sama-sama ya ce ya yi tsawo, ba wanda zai karanta. Ban ja da shi ba, na ci gaba da tura nawa ga kwastomomin da ke hannuna. Mutane sun karanta. Yawancinsu amsa ɗaya suke yi kuma ta wadatar, kiran faɗa ya ragu sosai a layina, har abokan zamana suka fara cewa in tura musu su ma. Bayan wasu watanni sai ga shi a takardar sabon tsarin aiki, an canza gaisuwar kawai, a ƙasa sunan oga. Takardar gargaɗin kuma tana nan a fayil ɗina ba a cire ba.

Sauran abubuwan da na koya ƙanana ne. In mutum ya biya wata uku a dunƙule ku tambaye shi yadda yake so a raba, kada ku raba masa da ka. Ku rubuta refarans a jikin kowane kuɗin da kuka zuba don kada a kawo rasit ɗaya sau biyu. Lambobi masu kama irin 0417 da 0471 ku karanta su da baki kafin ku danna.

Wadda za ta karɓi teburin, saƙon yana cikin foldar da na bar miki, har da na biyun na masu biyan da bai cika ba. Layin wanda wani ya biya masa ɗin nan an taɓa cewa in cire don a rage tsawo, ban cire ba, ke ma don Allah ki bar shi. Hajiya har yanzu ɗanta ke biya mata, na rubuta sunansa a gefen asusunta.